Wasiƙar dakatar da biyan kallon fim: inda ake yin kuskure

Kafin ka rubuta komai, duba wa ke cirar kuɗin. Nan mutane suka fi yin kuskure. Wanda ya yi rajista ta cikin Google Play ko ta iPhone, kuɗinsa ta hannun Google ko Apple yake bi, kuma galibi kamfanin fim ɗin ba zai tsayar da shi ba ko da an aika masa wasiƙa goma. Rasit ɗin da ke shigowa imel ɗinka kowane wata shi zai nuna maka mai karɓa. In Google ne, shiga Play Store, taɓa hotonka, sai `Paiements et abonnements`, ka soke a can. Goge manhajar daga salula kuwa ba ya tsayar da komai.

In kamfanin da kansa ke cira daga katin bankinka, to wasiƙar tana da amfani. Sai dai da yawa sukan aika ta daga wani adireshi dabam da wanda suka buɗe asusun da shi. Ma'aikacin ba zai ga asusun ba, sai ya dawo da tambaya, kwanaki su wuce. A ce wani a Maradi ana cire masa jika biyar ran 14 ga kowane wata: in ya rubuta ran 13, wataƙila a cire kafin a karanta. Gara ya aika tun wajen 7.

Fushi ma ɓata lokaci ne. Layi ashirin na ƙorafi kan sa buƙatar ta ɓace a ciki, kuma "ina tunanin dainawa" ba umurni ba ne, tayin rangwame zai jawo maka. Wannan ya isa, a sa shi cikin Faransanci ko Ingilishi:

"Barka da aiki. Ina so a soke rajistata da ke kan wannan adireshi, a kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Biya na ƙarshe jika biyar ne, ran 14 ga watan jiya, da katin da ya ƙare da 4821. Don Allah ku tabbatar mini a rubuce da ranar da kallo zai ƙare, da cewa ba za a sake cirar kuɗi ba. Na gode."

Lambobi huɗu na ƙarshe kawai ake bayarwa. Cikakkiyar lambar kati, da ukun da ke bayansa, da kalmar sirri, ba a tura wa kowa.

Saƙon da ke dawowa nan take yana cewa an karɓi buƙatarka ba tabbaci ba ne, na'ura ce ta turo shi. Adana lambar da ke ciki, ka jira amsa mai ɗauke da ranar ƙarewa. Galibi za ka ci gaba da kallo har ƙarshen watan da ka biya, kada hakan ya ruɗe ka. Ran 15 ka duba katin. In an cire, ka amsa a ƙarƙashin wannan saƙon na tabbaci, ka haɗa hoton cirar, ka nemi a mayar maka da kuɗinka.