Kunun aya daga cikin gida: kurakuran da ke cinye jarin masu farawa

Duk matar da ta tambaye ni sana'ar da za ta yi tana daga ɗaki, da goyo a baya, kunun aya da zoɓo nake fara ambata mata. Ba sa buƙatar shago, aikin kuma ana iya gama shi kafin yara su tashi. Amma na gaji da ganin mace ta kwashi adashinta ta zuba, wata biyu ba a yi ba ta ce sana'ar ba ta karɓe ta ba, alhali abubuwan da suka kayar da ita su ne suka kayar da wadda ta gabace ta.

Na farko, kuma wanda ya fi kowanne ciwo: mace ta haɗa kunun aya da yawa tana dogaro da wutar nefa. Kunun aya ba a dafa shi. Ɗanyar aya ce aka markaɗa da dabino da kwakwa, duk kayan zaƙi da maiƙo, don haka ƙwayoyin cuta suna samun abinci su hayayyafa da zarar sanyi ya sake shi. A zafin Afrilu, kunun da aka tace da safe aka bari a waje zai iya juyawa kafin la'asar. Za ki gane shi: robar ta kumbura ta yi tauri, in kin buɗe ta yi tsit, ɗanɗanon ya koma tsami, wani lokaci har ya yi yauƙi. In ya kai nan babu gyara, ƙarin sukari ba ya dawo da shi, zubarwa za ki yi.

Ni wannan ya taɓa cinye mini jari ɗungurungum a wani azumi. Na ga ciniki ya buɗe, na ninka abin da nake yi, aka ɗauke wuta tun dare, washegari kafin a sha ruwa firiza ta huce, komai ya tafi kwata. Tun daga nan ba na auna kunu da yawan masu so, da girman kulata nake auna shi. Abin da kula da ƙanƙarar saye za su iya riƙewa har ya ƙare a ranar, shi nake yi. In wuta ta zo, alhamdu lillahi, ƙari ne. In kuma unguwarku ba a samun ƙanƙara kusa, ki fara da zoɓo. Shi ana tafasa shi, ga tsaminsa na asali, ya fi kunun aya jure jira nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma sanyi yake so.

Wani lokaci tsamin tun daga jiƙo yake farawa. Ki tsince ayar, ki fitar da tsakuwa da baƙaƙen da suka lalace, ki wanke har ruwan ya fito fes. Ni bayan isha'i nake jiƙawa, da asuba in zubar da ruwan jiƙon in sake ɗauraye ta. Masu barin ta kwana da wuni a ruwa ɗaya cikin zafi, sun riga sun tsamar da kununsu tun bai je inji ba. Shi ma injin, ki ja kunnen yaron da kika aika ya tsaya a wanke shi a gabansa. In an markaɗa waken ƙosai ko attaruhu kafin naki, warin zai bi kunun, ragowar ƙullun kuma ya gaggauta lalacewarsa. Ki tace da ruwa mai sanyi mai tsabta, ki ɗura, ki sa a kula nan take. Kada ki bar shi a bokiti ki tafi yi wa jariri wanka.

Kuskure na biyu shi ne rashin lissafi, kuma a nan zan yi faɗa. 'Yar uwa, kuɗin da ke cikin gwangwanin ciniki ba naki ba ne tukuna. Mu buga misali, ke kuma ki sa farashin kasuwarku a gurbin nawa. A ce aya mudu 2 naira 5,000, dabino 1,500, kwakwa 1,000, citta da kanumfari 300, markaɗe 500, ƙananan robobi 30 a kan 1,800, ƙanƙara 1,000, kuɗin motar wanda ya yi miki cefanen 600. Jimla 11,700. In kin sayar da roba 30 ɗin duka a kan 500, kin tashi da 15,000, ribarki 3,300 ke nan. To yanzu yara sun sha biyu, kin ba baƙi biyu, uku sun kwana sun yi tsami. Roba 7 sun tafi da 3,500. Kin tashi tun asuba, kin tace har hannu ya yi ciwo, kuma kin faɗi da naira 200 ba ki sani ba, saboda kina ganin kuɗi a hannu. Yawancin mata aya da dabino kawai suke lissafawa, su manta da roba da ƙanƙara da kuɗin aike, alhali ke da ba kya fita, aiken nan kullum sai kin biya shi.

Sai kuma maigida ya fita bai bar na cefane ba, ki ɗebi na magi da na manja a gwangwani, da niyyar za ki mayar. Ba a mayarwa. Ni abin da nake yi, da dare nake ware uwar kuɗi in ƙulle ta daban, ba na taɓa ta ko me ya taso. Wanda yara za su sha kuwa a jug nake zuba musu tun wajen tata, ba ya shiga roba, balle ya shiga lissafin saye.

Bashi ma haka. Maƙwabciya ta aiko a ba ta biyar za ta kawo anjima, kunya ta hana ki tambaya. Ki ajiye littafi, ki rubuta a gaban ɗan aiken, wadda ba ta biya na jiya ba kada ki ba ta na yau. Masu turo kuɗi ta waya kuma, hoton rasit ba kuɗi ba ne, ki buɗe asusunki ki gani da idonki kafin kaya su fita.

Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne ɗora wa yarinya kula ta bi tasha da gareji a lokacin makaranta, wai don uwa ba ta fita. Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Ki yi magana da mai shagon bakin layi da ke da firij, ki bar masa wani abu a kan kowace roba. Ki sa hoto a WhatsApp tun dare, ki karɓi oda, da safe ki yi daidai abin da aka nema. Bikin suna a unguwa, walimar sauka, taron biki, duk waɗannan da kansu suke aiko a ɗauka, kuma a irin wannan odar ki karɓi rabin kuɗi tun farko.

Sauran ƙanana ne, amma ana yin su. Robar da aka tsinto a bola ko wurin biki, ki bar ta, ki sayi sabuwa mai murfin da ba a ɓalle ba. Kada ki ɗura zoɓo da zafinsa, robar za ta lanƙwashe. Tukunyar zoɓo ba a sauke ta a tsakar gida inda mai rarrafe yake. Kada ki riƙa ƙara ruwa duk ranar da aya ta yi tsada, mai saye yana ganewa a kurɓar farko, gara ki rage girman roba. Ranar da kuma kika fara tunanin manna takarda mai suna ki kai manyan kantuna, ki fara neman rajistar NAFDAC kafin ki kashe kuɗin buga takardar.