Yadda za ki tabbatar ko PCOS gare ki, da yadda maganin ya rabu gida biyu

Mata da yawa a nan Legas daga an yi musu sikanin an rubuta PCOS a takarda, wato ciwon rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana ƙwai fita akan lokaci, shikenan hankali ya tashi, sai sayen magani a kemis. Yar uwa, sikanin shi kaɗai baya tabbatar da ciwon nan wallahi.

Fara da rubuta ranakun al'adarki na wata shida. In tazarar tana wuce kwana 35 ko bata kai 21 ba, ko kuma bakya ganinta sau 8 a shekara, alama ta ɗaya kenan, ƙwai baya fita akan lokaci. Ta biyu yawan sinadarin maza a jiki, gashi a haɓa ko ƙirji, kurajen fuska masu naci, ko gwajin jini ya nuna. Ta uku itace sikanin, a ga ƙananan ƙwayaye 20 ko fiye a ma'ajiyar ƙwai ɗaya. Ƙa'idar da likitoci suka tsayar a birnin Rotterdam a 2003 tace sai an samu biyu cikin ukun, kuma sai an gwada sinadarin tayirod na maƙogwaro da furolaktin mai kawo ruwan nono domin suma suna rikita al'ada. Budurwar da bata shekara 8 da fara al'ada ba ma ba'a dogara da sikanin ɗinta.

Ki ɗauki takardunki ki ga likitan mata, a asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, ayi miki gwajin suga da awon jini, sannan ki faɗa masa gaskiya, kina neman ciki yanzu ko a'a, don daga nan hanya ta rabu.

Misali mace mai shekara 27 a Agege, kilo 80, al'ada sai bayan wata uku, ga gashi a haɓa. In haihuwa take nema, rage kilo 4 zuwa 8 kawai kan iya dawo da fitar ƙwai. A gwada maniyyin maigida tukuna, kar a ɗora mata komai ita kaɗai. Sai likita ya bata letrozol, maganin sa ƙwai ya fita, yawanci miligiram 2.5 daga rana ta 3 zuwa ta 7 na al'ada, a gwada sinadarin furojestaron a jini wajen rana ta 21 a gani ko ƙwan ya fita, in bai fita ba a ƙara mata. Masu shan kulomid, wani maganin sa ƙwai ya fita, da kansu wata bayan wata ba bibiya, don Allah ku daina.

In kuma bata neman ciki, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ake bata, tana daidaita al'ada ta rage kuraje, gashin sai an yi haƙurin wata shida. Mai hawan jini bata sha, sai a canza mata. Metfomin kuma don suga da ƙiba ne. Abinda ya fi damuna shine masu ƙyale al'ada ta ɗauke fiye da kwana 90, bangon mahaifa yana ta kauri, da shekaru yana iya kaiwa ga ciwon daji, shiyasa ake bada maganin furojestin don al'adar ta zo. Kuma mai PCOS tana ɗaukar ciki ba zato, in al'ada ta makara a fara da gwajin ciki kafin kowane magani.