Yadda ake tsabtace takardar Word kafin a tura wa lauyan ɗaya ɓangaren

Kuskuren da na fi gani wajen sababbin lauyoyi da sakatarori shi ne su zaɓi No Markup, su ga jajayen layuka sun ɓace, su ɗauka an gama. No Markup labule ne kawai. Gyare-gyaren suna nan cikin fayil ɗin, kuma da wancan lauyan ya latsa All Markup zai ga komai.

A ce kana tsara yarjejeniyar sulhu. Ka rubuta a biya cikin kwana 30, babban lauya ya mayar da shi kwana 14, ya kuma bar tsokaci a gefe cewa wanda kuke wakilta zai haƙura da kwana 21 in an matsa. Idan wannan ya fita, ciniki ya ƙare tun ba a zauna ba, domin sun riga sun san iyakarku.

Kafin komai, yi Save As ka ba fayil ɗin sabon suna. Kada ka taɓa na asali, za ka nemi tarihinsa wata rana.

A kwafin, shiga Review ka zaɓi All Markup. A ƙarƙashin Show Markup ka tabbata an yi wa All Reviewers alama, don in an ɓoye sunan mutum ɗaya, gyaransa ba zai fito ba. Bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya da Accept ko Reject. Ni ba na yarda a karɓe su duka a dunƙule a takardar shari'a, minti goman da za ka rage bai kai shigar da sharaɗin da ba a amince da shi ba. Ka gama, kashe Track Changes. Tsokaci kuwa, Resolve ba ya goge shi, yana nan a dushe. Delete All Comments in Document ne ke cire shi.

Sai File, Info, Check for Issues, Inspect Document. Nan za ka ga sunan marubuci, da na wanda ya adana a ƙarshe, da ɓoyayyen rubutu. Latsa Remove All a kansu, amma ban da layin Headers, Footers, and Watermarks, in ba haka ba lambar shafi da lambar ƙara su tafi, kuma ba lalle Undo ya dawo da su ba.

Adana, rufe, sake buɗewa a All Markup ka duba. Bayan haka ne za ka mayar da shi PDF, ka leƙa Properties ɗinsa ka ga wane suna ke wurin Author. Idan kun yi yarjejeniya za a nuna musu gyara, haɗa musu sabon kwafi da Compare tsakanin tsabtatattun fayiloli biyu.