Yadda ake kai talla guda WhatsApp, Facebook, TikTok da Instagram ba tare da ta lalace ba

A ce kina sayar da atamfa a Maraɗi, sabbin kaya sun iso gab da Sallah, turmi jika 12. Abin da yawancin ƴan kasuwa ke yi shi ne su rubuta talla sau ɗaya a WhatsApp, su kwafe ta, su manna ko'ina. Farashi da bayanin kaya lallai su zama ɗaya a kowane wuri, amma sigar tallar dole ta canja, don kowace manhaja da yadda take nuna abu.

Fara da ajiye asali. Ki ɗauki bidiyon da kyamarar wayarki a tsaye, ki bar shi cikin waya babu rubutu, babu kiɗa. Daga nan za ki riƙa ɗorawa kowane wuri. Kada ki sauko da bidiyon daga TikTok ki kai Instagram: zai zo da tambarin TikTok yana yawo a jikinsa, kuma tun 2021 Instagram ya sanar cewa yana rage nuna irin waɗannan bidiyoyi ga sabbin mutane. Kiɗan da kika ɗora a can ma ana iya kashe shi a Facebook saboda haƙƙin mallaka. Haka hoton da ya ratsa WhatsApp, an riga an matse shi, zanen atamfar ya dushe.

Sai ki rubuta ainihin bayani a gefe: sunan kaya, farashi, inda shago yake, lamba. A nan ne mutanen Maraɗi suka fi samun tangarɗa. Masu ganin Status ɗinki sun san ki, in kin rubuta "jika 12" ko "12,000" sun gane sefa ake nufi. Facebook da TikTok kuwa ba su san iyakar Ɗan Isa ba. Matar Jibiya ko Katsina za ta ga 12,000 ta ɗauka naira ce, ta kira da murna, ku ɓata mega kuna jayayya. Don haka duk abin da zai fita bainar jama'a, ki rubuta "sefa 12,000" cikakke, ki sa +227 gaban lambarki, in ba haka ba na ƙetare ba zai same ki ba.

Kalmar "yau" ma tarko ce. Status yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka "an rage kuɗi yau kaɗai" daidai ne a can. A Facebook rubutun yana nan har bayan Sallah, wata za ta zo ta riƙe ki da tsohon farashi. Ki sa ranar da ragin zai ƙare.

Yanzu ki gyara wa kowace manhaja tata. A WhatsApp, in kin sa kalma tsakanin taurari biyu tana yin kauri:

```
*Sabuwar atamfa*
```

In kin manna wannan a Facebook ko Instagram, taurarin ne za su fito tsirara. Da na ga talla da taurari warwatse, na san kwafo ta aka yi. Ki goge su. Ki duba sunayen da kika kira da alamar @, domin sunan telanki a TikTok yana iya zama na wani baƙo a Instagram.

Adireshin da ake latsawa a shigo WhatsApp ɗinki kai tsaye haka ake rubuta shi, ba alamar +, ba tazara, lambobinki takwas a madadin X:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX
```

A Facebook ana latsa shi ya buɗe. A ƙarƙashin hoton Instagram kuwa ba ya latsuwa, sai ki sa shi a bayanin shafinki, ki ce a duba can. Kuma kada wannan jumlar ta "a duba bayanin shafi" ta bi ki zuwa WhatsApp, inda mai saye yana gabanki.

TikTok da Instagram suna yanke dogon rubutu bayan ƴan kalmomin farko, ga maɓallai sun rufe ƙasan bidiyo da gefen dama. Doguwar sallama da gaisuwa ki bar wa rukunin WhatsApp, inda ma saƙon murya ya fi tafiya, tunda ba kowa ke karatun boko ba. A bidiyo ki buɗe turmin tun daƙiƙar farko, ki faɗi farashi da baki, ki rubuta shi a tsakiya.

Bayan kin ɗora, ki ari wayar wata ki duba yadda ya fito: ko farashin ya ɓuya, ko sauti na nan, ko adireshin yana buɗewa. Duk wadda ta kira kuma, ki tambaye ta inda ta ga tallar. In sati ya zagayo Instagram bai kawo ko mutum ɗaya ba, ki bar shi, ki mai da megarki inda ake ciniki.