Yadda ake karanta sanarwar ɗaukar ma'aikata kafin a tura takarda

Sanarwar aiki ba a yi mata karatu ɗaya. Sau uku ya kamata ka bi ta, kuma kowane zagaye da abin da kake nema a ciki. Bari mu ɗauki misalin wani kamfani da ke neman mataimakin akanta, mu bi sanarwar tasa daki-daki.

Fara daga ƙasa, inda aka faɗi yadda za a nemi aikin. Mutane da yawa sai sun gama shirya komai suke leƙa wannan sashen, alhali shi ne ƙofar farko da ake tsayar da mutum. A misalinmu an ce a haɗa takardar tarihin karatu da aiki da wasiƙar neman aiki cikin fayil ɗaya na PDF, a rubuta ACC-07 a taken saƙon imel, a tura kafin ƙarfe 5 na yamma ranar rufewa. Umarni uku ke nan, kuma kowanne da dalilinsa. Lambar nan ita ce abin da mai tantancewa zai rubuta a gurbin bincike na akwatin imel domin ya tattaro masu neman wannan gurbi kaɗai. Idan ka rubuta "Neman aiki" kawai, saƙonka ya isa, amma ba zai fito cikin waɗanda aka tattaro ba, kai kuma kana can kana jiran kira. Fayil ɗaya da aka ce, don a buɗe sau ɗaya a karanta ne. Wanda ya turo hotuna bakwai na takardunsa ya ɗora wa mai karatu aiki tun ba a san shi ba. Ga kuma abin da ba a faɗa ba: aikin akanta aiki ne na kiyaye ƙananan abubuwa, don haka bin umarnin shi kansa jarrabawa ne.

Kwafi waɗannan umarni a takarda daban, kalma da kalma. Idan kamfanin yana wata ƙasa, duba agogon da suke nufi, domin ƙarfe 5 nasu ba lalle ya zama naka ba. Idan kuma an ce za a riƙa duba takardu yayin da suke shigowa, kada ka jira ranar rufewa, ana iya cike gurbin kafin ta zo. A nan ne kuma za ka gane sanarwar bogi: duk inda aka ce ka biya kuɗi kafin a duba takardarka ko a kira ka ganawa, ka tsaya cak.

Zagaye na biyu na sharuɗɗa ne. Raba takardarka gida biyu: na dole a gefe guda, na ƙarin fifiko a ɗaya gefen. Kalmomin sanarwar ne za su nuna maka inda kowanne zai faɗa. "Wajibi ne", "dole" da "aƙalla" suna nuna sharaɗin da babu sassauci a kansa, ko kuma sassaucin kaɗan ne. "An fi son" da "zai zama ƙarin fifiko" suna nuna abin da ake sha'awa amma ba a rufe ƙofa saboda shi ba. Kamfanin namu ya ce dole a sami difloma ko digiri a fannin akanta, da ƙwarewar aiki ta shekara 2 aƙalla, da iya amfani da Excel. Sanin QuickBooks, wata manhajar lissafin kuɗi, kuma ƙarin fifiko ne.

Yanzu a gaban kowane sharaɗi rubuta hujjarka. "Na iya Excel" ba hujja ba ce, kowa zai faɗi haka. Hujja ita ce: ina shigar da kuɗin shiga da na fita a Excel, ina fitar da jimlar kowane wata a wurin aikina na baya. Sharaɗin da ka rasa abin rubutawa a gabansa, shi ne giɓinka, kuma gara ka gan shi yanzu da ka gan shi a ɗakin ganawa.

To, idan akwai giɓi, ka nema ko ka haƙura? A ganina ya danganta da irin sharaɗin. Rashin sanin QuickBooks bai isa ya hana ka ba. Idan kana da shekara ɗaya da wata takwas maimakon biyu, kuma ainihin aikin da suke nema ka yi, ka nema, ka faɗi tsawon lokacin yadda yake ba tare da ƙari ba. Shekarun da ake rubutawa ma'auni ne na ko ka taɓa riƙe aikin da hannunka. Amma takardar shaidar karatu ko lasisin sana'a da aka ce wajibi ne, wannan babu dabarar da za ta maye gurbinsa, kuma wasu shafukan neman aiki suna da tambayar e ko a'a wadda amsarta kaɗai ke fitar da mutum.

Zagaye na uku shi ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan kake karanta abin da ba a rubuta ba. Koma kan jerin ayyukan da za a ɗora maka. A misalinmu an jero daidaita lissafin kamfani da na banki, shirya rahoton ƙarshen wata, bibiyar kwastomomin da ake bi bashi, sannan aka ce mai gurbin zai yi aiki kai tsaye ƙarƙashin manajan kamfani.

Dubi wannan jumla ta ƙarshe da kyau. Mataimakin akanta ne ake nema, amma ba a ambaci babban akanta ba. Mai yiwuwa ke nan babu wani a samanka da zai duba lissafinka ko ya koya maka, kai ne za ka zama sashen kuɗin gaba ɗaya, da sunan mataimaki. Wannan na iya zama dama, yana kuma iya zama nauyin da albashin bai kai shi ba. Rahoton ƙarshen wata kuwa yana nufin akwai 'yan kwanaki a kowane wata da aiki zai yi yawa, wataƙila har a wuce lokacin tashi. Bibiyar bashi na nufin kiran waya da haƙuri da mutanen da ba sa son jin muryarka. Wanda ke son aikin lissafi don ya zauna shiru da alƙaluma, ya san da wannan tun yanzu. Lura kuma da abin da aka maimaita. Idan "kan lokaci" ta fito sau uku a sanarwa mai shafi ɗaya, akwai alamar jinkirin rahoto ne ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Sai dai duk wannan hasashe ne, kada ka ɗauke shi tabbas. Amfaninsa biyu ne. Na farko, ya nuna maka abin da za ka sa a gaba cikin wasiƙarka: a nan, cewa ka saba rufe lissafin wata ba tare da an tsaya a kanka ba, da kalmomin da su suka yi amfani da su, matuƙar gaskiya ne ka yi aikin. Na biyu, ya ba ka tambayoyin ranar ganawa: wa ke duba rahoton kafin ya kai ga manaja, kuma mutum nawa ne a sashen? Haka abin da sanarwar ta yi shiru a kai, kamar albashi, ko aikin na dindindin ne ko na kwantiragi, rubuta shi cikin tambayoyin.

Kafin ka tura, ajiye kwafin sanarwar, domin ana yawan sauke ta bayan ranar rufewa, kuma za ka buƙace ta idan an kira ka. Sannan ɗauko takardar da ka kwafi umarni a kai, ka gwada ta da saƙonka layi-layi: ACC-07 na cikin take, fayil ɗaya ne kuma yana ɗauke da sunanka, adireshin imel ɗin daidai yake harafi da harafi. Buɗe fayil ɗin da ka maƙala ka tabbatar sunan wannan kamfani ne a kan wasiƙar, ba na wanda ka nema a baya ba.