Babi na Shida: Sayen Motar da Ta Yi Haya ko Ta Fito Daga Kamfani

A bakin dillalai za ka riƙa jin magana iri biyu. Wani zai ce maka motar kamfani ce, ba ta taɓa fashin sabis ba, ka saya ido rufe. Wani kuma zai ce ka guje ta, ta sha tafiya har ta gaji. Kowannensu rabin gaskiya ya faɗa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake auna tafiyar da mota ta yi da kulawar da ta samu, sannan a yanka mata kuɗi.

Tafiya iri-iri ce

Motar da ta yi kilomita 300,000 tana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna ba ɗaya take da tasi da ta yi kilomita 300,000 a cikin gari ba. A doguwar hanya inji yakan yi zafi sau ɗaya ya zauna a haka, direba ba ya yawan taka kuloci ko birki. Tasi kuwa wuni take yi tana tsayawa tana tashi, ga lodi, ga ramuka. Idan ta tsaya a cunkoso ko tana jiran fasinja, injin yana aiki amma mita ba ta ƙirga komai. Saboda haka injin tasi ya girmi abin da mitarsa ta nuna.

Akwai kuma maganar wanda ya riƙe ta. Direban da zai kai balas kowace yamma yakan ɗaga juyen baƙin mai zuwa wani mako, ya sa kayan gyara mafi araha. Kamfani yakan kai mota sabis a kan lokaci, don akwai ma'aikacin da za a tuhuma idan ba a kai ba. Sai dai motar kamfani takan bi hannun direbobi da yawa, kuma abin da ba naka ba, ba kowa ne ke tausaya masa ba. Wani lokaci ma da zarar an yanke shawarar yin gwanjonta sai a daina kashe mata kuɗi.

Lissafin sabis

Mu ɗauki misali. An kawo Toyota Corolla ta wani kamfani, shekararta 8 a hannunsu, mita ta nuna kilomita 280,000. Fara duba ko mitar da kilomita take ƙirga ko da mil, domin mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, kuma motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga.

Yanzu nemi fayil ɗin sabis. Masu kula da mota a yanayinmu na zafi da ƙura sukan juye baƙin mai duk kilomita 5,000. Raba 280,000 gida 5,000, za ka samu 56. Wato ya kamata a ce an yi juye kusan sau 56. Ƙirga rasit da ke cikin fayil. Idan ka samu 50, an kula da motar. Idan 12 ka samu, to sabis ɗin a baki yake. Duba kuma ko akwai giɓi, kamar shekara guda cur babu ko rasit ɗaya.

Kowane rasit yakan ɗauki kwanan wata da kilomitar ranar. Dole lambobin su riƙa hawa. Idan rasit na bara ya ce 250,000, yau kuma mita tana nuna 160,000, an mayar da mita baya. Kada ka tsaya jayayya, ka yi sallama ka tafi. Wanda ya yi maka ƙarya a mita bai gama ba.

Tambayi bakanike ko injin da sarƙar taimin yake aiki ko da bel. Mai bel yana da wa'adin canji, kuma a wasu injina idan bel ya tsinke ana tafiya sai ya lanƙwasa bawul. Idan babu rasit ɗin canjinsa, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa shi a lissafi.

Jikin mota shi ne shaida

Je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe kafin a tayar da ita, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, domin inji mai zafi yana ɓoye aibi. Buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. Idan ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, juye yana yin latti, ko fayil ya ce me. Idan ka ga abu mai kama da shayi da madara, ruwa yana shiga mai, gyara ne babba. A tayar, ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin yana shan mai.

Tsohuwar tasi da aka yi wa kwaskwarima tana da inda take tona kanta. Ɗaga robar bakin ƙofa ko dardumar but, sau da yawa tsohon fenti yana nan: kore idan ta yi aiki a Abuja, rawaya idan Legas ce. Buɗe ƙofar baya ka ɗaga ta sama da hannu. Idan tana motsi, an buɗe ta sau dubbai, abin da ba a yi wa motar gida. Kujerar baya ta lotsa, robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi sulɓi. A takarda kuma, lambar motar haya a Nijeriya da jan rubutu take, ta gida da shuɗi.

Sannan ku hau titi. A giya ta huɗu, taka totur sosai. Idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Ku bi hanya mai gargada ku saurari ƙafafun. Kafin a zo maganar kuɗi, gwada lambar jikin mota da ta takardun kwastan da na mallaka, ka kuma nemi takardar da kamfanin ya bayar cewa shi ya sayar.

Yanka farashi

Farashi yana canzawa, don haka waɗannan lambobi na koyon lissafi ne kawai. Zagaya wurare uku ka ji kuɗin 'yar'uwarta, samfuri ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka riƙe a gida kuma lafiyarta ƙalau. A ce naira 7,000,000 ce.

Bakanike ya ce tayoyi huɗu 240,000, shokozoba da bushin 200,000, kuloci 150,000, canjin takardu zuwa sunanka 60,000. Jimla 650,000. Cire su, saura 6,350,000.

Akwai ragi na biyu da mutane ke mantawa. Ko an gyara waɗannan, tafiyar tana nan a jikin inji da giya, kuma ranar da za ka sayar kai ma za a rage maka. A ganina, motar kamfani mai cikakken fayil a cire mata kashi ɗaya cikin goma na kuɗin 'yar'uwarta, wato 700,000. Saura 5,650,000. Nan ne iyakarka. Fara tayi daga ƙasa, kamar 5,200,000, ka riƙa nuna takardar bakanike duk lokacin da aka ce maka albarka. Tsohuwar tasi marar rasit kuwa, ni ba na cire mata ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, don ina sa ran garambawul ɗin inji. Ku kuma daidaita tun farko wa zai biya la'ada, kada a sallama sannan rigima ta tashi.

Aikin gida

An kawo tsohuwar tasi, mita ta nuna kilomita 320,000, rasit ɗin juye 9 kacal. Sau nawa ya kamata a ce an juye mata mai? Idan 'yar'uwarta ta gida naira 5,000,000 ce, gyara kuma zai ci 800,000, cire kashi ɗaya cikin biyar da kuɗin gyara, ka rubuta iyakar abin da za ka biya.