Darasi: Auna Zafin Jiki Da Safe Don Gane Zagayowar Al'ada

Jikin mace yana ɗan ƙara ɗumi bayan ta saki ƙwai a kowane wata. Ƙarin bai fi digiri 0.2 zuwa 0.5 ba, don haka hannu ba ya jin sa, sai ma'auni. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne mai suna furojestaron, wanda jiki ke fitarwa da yawa bayan ƙwai ya fita. Ɗumin yana nan har al'ada ta kusa, sannan ya sauka.

Kayan aiki da yadda ake aunawa

Ki nemi ma'aunin zafin jiki mai batir, an fi son wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, kamar 36.42. Ki haɗa da biro da takarda mai gida-gida, ki ajiye su kusa da matashinki tun da dare.

Da kin farka, kafin ki tashi zaune, kafin ki sha ruwa ko ki yi magana, ki sa ma'aunin a ƙarƙashin harshe, can wajen gindinsa, ki rufe baki har ya yi ƙara. Ki rubuta lambar nan take. Sharaɗi biyu ne ba a wasa da su: ki samu barcin aƙalla awa 3 a jere, kuma ki riƙa aunawa a lokaci ɗaya kullum. Motsi yana ɗaga zafin jiki, haka ma makara, kuma tunda abin da ake nema ɗan ƙanƙane ne, kuskure kaɗan yana iya binne shi. Kada ki sauya ma'auni a tsakiyar wata.

Cika takarda

A ƙasan takardar ki jera kwanaki daga hagu zuwa dama. Ranar da jini ya fara zuwa sosai ita ce rana ta 1. A gefen hagu ki jera lambobin zafi daga 36.0 zuwa 37.0, kowane gida 0.1. Kullum ki sa ɗigo a inda rana da lamba suka haɗu, ki ja layi zuwa ɗigon jiya. Ranar da kika yi zazzaɓi, ko barci ya ƙi, ko kika makara, ki zagaye ɗigon ki rubuta dalili, kada ki sa shi cikin lissafi.

Karanta takarda

Nan ne aikin yake, kuma ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai. Ƙa'idar ita ce uku a kan shida: ana neman kwana 3 a jere da zafinsu ya ɗara na duk kwana 6 da suka gabace su, na ukun kuma ya ɗara mafi girma a cikin shidan da aƙalla 0.2.

Ga misali. Wata mata ta samu waɗannan daga rana ta 8 zuwa ta 13: 36.3, 36.4, 36.2, 36.3, 36.4, 36.3. Mafi girma a cikinsu 36.4 ne, sai ta ja layi a kwance a kan 36.4. Rana ta 14 ta samu 36.5, ta 15 ta samu 36.6, ta 16 kuma 36.7. Duka ukun suna saman layi, na ukun ya ɗara shi da 0.3, alhali 0.2 ma ta isa. Ke nan ƙwai ya fita wajen rana ta 13, ko da kwana ɗaya ko biyu gaba ko baya. Da a ce rana ta 14 ta hau amma ta 15 da ta 16 suka koma 36.3, to ba a yanke hukunci, sai a ci gaba da aunawa.

Daga nan sai ta ƙirga kwanakin ɗumi har jini ya zo. Yawanci sukan kai 12 zuwa 14. Idan suka kai 18 babu jini, a yi gwajin ciki. Idan kuma wata bayan wata ba sa kai 10, ko takardar ba ta nuna hawa ko kaɗan har wata 3, ki kai ta asibiti a duba ki. Wata guda babu hawa ba abin tayar da hankali ba ne, yana faruwa.

Abin da takarda ba za ta iya ba

Takardar tana ba da labarin abin da ya riga ya wuce ne. Ƙwai ba ya wuce awa 24 da rai, maniyyi kuwa yakan kai kwana 5 a jikin mace, shi ya sa kwanakin ɗaukar ciki su ne waɗanda suka gabaci hawan zafi. Mai neman haihuwa da ta jira sai ɗigo ya hau, sau da yawa ta makara. Gara ta tara takardun wata 3, ta ga wajen ranar da hawan ya saba zuwa. Mai son tazarar haihuwa kada ta dogara da zafi shi kaɗai ba tare da horo daga ma'aikaciyar lafiya ba. Mai shan ƙwayar tazara ko mai karɓar allura kuwa, takardarta ba za ta karantu ba, domin maganin yakan hana sakin ƙwai.

Gwaji

Daga rana ta 10 zuwa ta 18 an samu: 36.2, 36.3, 36.1, 36.3, 36.2, 36.2, 36.4, 36.5, 36.6. A wace lamba za a ja layi, kuma wajen wace rana ƙwai ya fita?